Wayar da Ke Bakin Taga

Har yau, kafin in ba kowace waya umarni, sai na rubuta adb devices, umarnin da ke nuna wayoyin da ke haɗe da kwamfutata, na karanta abin da ya fito a allo, ko da waya ɗaya ce tak a ɗakin kuma tana hannuna. Waɗanda muke aiki tare yanzu suna yi mini dariya, wai ina yi kamar mai ƙirga 'yan yatsunta kowace safiya don ta tabbatar suna nan. Ina barinsu su yi dariyarsu. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya san dalili, kuma bai taɓa buɗe baki a kai ba, Allah ya saka masa.

A lokacin muna da wani ɗan ofis a saman shagon magani kusa da Ƙofar Durbi, ni da abokin aikina. Ɗaki ɗaya ne, tebur biyu, fanka mai kuka, da taga ɗaya da ke kallon titi. Muna rubuta wa mutane manhajojin waya: makaranta mai son duba sakamakon ɗalibai, mai shago mai son a ga kayansa. Abokin aikin nawa mutum ne mai sanyi, sai ya auna abu sau uku kafin ya taɓa. Ni kuwa ina da sauri, ina da baki, kuma na san na iya aikin. Wannan sanin shi ne babban ciwona.

Mutumin da wannan labari ya shafa Baba nake ce masa, duk da ba mu haɗa jini ba. Daga kudancin Kaduna aka turo shi Katsina koyarwa tun kafin a haife ni, ya kama haya a gidan da ke jikin namu, bai sake tashi ba. Shi ya koyar da ni lissafi a aji huɗu, ya kuma ja mini kunne fiye da sau ɗaya saboda ina rubuta amsa ba tare da nuna hanyar da na bi ba. Ranar Kirsimeti matarsa, wadda muke kira Mama, takan aiko mana da shinkafa da kaza a babban kwano, ranar layya kuma ni ake ba cinyar rago in kai musu. Hausarsa ta zama ta Katsina sarai, sai dai in ya yi fushi harshen gida ya leƙo.

Da ya yi ritaya sai wani abu ya fara cin ransa. Yaren garinsu ƙarami ne, ba shi da littafi, ba a ma daidaita yadda za a rubuta shi ba. 'Ya'yansa duk a Katsina suka tashi, Hausa da Turanci suke ji. Shi kansa ya lura kalmomi suna zube masa. Wata rana ya so ya faɗi sunan wani abu da ake tankaɗe acca da shi, ya neme shi a kansa ya rasa, ya kwana uku abin yana damunsa. Ya gwada rubutawa a littafi, amma ya ce haruffan boko ba sa kama sautin, in ya dawo karantawa sai ya ji kamar wani baƙo ke kwaikwayon mutanensu.

Shi ne ya hau matattakalar ofishinmu yana haki, ya ajiye wayar da ɗansa ya aiko masa a kan teburina.

"Ɗiyata, an ce ke kike sa waya ta yi abin da kike so. To ki sa wagga ta riƙe mani magana."

Cikin mako biyu na haɗa masa 'yar manhaja. Maɓalli ɗaya babba, ya danna mutum ya yi magana, ya sake dannawa ta tsaya. A ƙasa sai ya rubuta ma'anar abin da Hausa, da wanda ya faɗa. Ita kalmar ba a rubuta ta, murya ce ke riƙe da ita. Ban sa manhajar a kasuwar manhajoji ba, don mutum ɗaya aka yi ta. Na buɗe sashen masu gyara a wayarsa, na jona kebul, wayar ta tambaya ko ta amince da kwamfutata, ya danna da kansa yana murmushi, na tura ta da adb install. Adb ɗin nan shi ne hanyar da kwamfuta ke magana da waya: da shi ake zuba manhaja, da shi ake cire ta, da shi ake leƙa abin da ke faruwa a cikinta.

Abu ɗaya ne ban yi ba. Duk muryoyin a cikin ma'ajiyar manhajar suke, wadda ba ta buɗuwa ga kowa sai ita, kuma na kashe ajiyar da waya ke yi da kanta a intanet saboda kada ta cinye masa data. Na ce zan ƙara maɓallin da zai riƙa kwashe komai zuwa waje. Na ce mako mai zuwa. Baba bai san akwai wani mako mai zuwa da yake jira ba, shi dai ya ga abu yana aiki, ya sa waya a aljihu ya tafi.

Shekara biyu yana wannan aiki. Duk ƙarshen damina da lokacin Kirsimeti sai ya shiga mota ya tafi gida, ya bi tsofaffi gida gida. In ya dawo sai ya tsare ni a ƙofar gida ya kunna mini. Akwai wani tsoho mai kiwon zuma, akwai wani maƙeri, amma wadda ta fi yawa a wayar ita ce gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa tukuf mai murya kamar ana goga ƙwarya. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma na san dariyarta, domin kusan kowace kalma sai ta faɗa ta yi dariya, wai ɗan ɗan'uwanta ya tsufa yana tambayar abin da yara suka sani. Ta rasu a daminar da ta gabaci abin da zan faɗa. Da na je yi masa gaisuwa ya dafa aljihun rigarsa ya ce, "Ai tana nan."

Na ji wannan magana da kunnena. Ko a ranar ban tuna da maɓallin da na yi alkawari ba, ko kuma na tuna na ce sai an kwana biyu. Ban san wanne ya fi muni ba.

Ranar wata Laraba da hantsi ya zo ofis, ransa a jagule. Manhajar ta fara mutuwa. Da ya buɗe jerin kalmomin sai ta tsaya cak, ta rufe kanta.

"Baba, kwantar da hankalinka, ba abin da ya ɓace," na ce masa. "Kayanka suna ciki. Ƙofar ce kawai ta cije."

Na jona kebul, kwamfuta ba ta ga wayar ba. Ramin cajin ya gaji, yana karɓar wuta in an karkata shi, amma ba ya wuce da bayani. Wannan bai dame ni ba, har ma na ji daɗi, don na sami damar nuna gwaninta. Na haɗa wayarsa da Wi-Fi ɗin ofis, na kunna gyara ba tare da kebul ba, wayar ta nuna lambobi shida, na rubuta adb pair na shigar da su. Nan take kwamfutata ta kama ta. Na ɗauki wayar na kai bakin taga inda soket yake, na jona ta a caji, na jingina ta da wani tsohon kofi don kada kebul ɗin ya motsa, na dawo kujerata.

"Yanzu daga nan kina ganin cikinta?" ya tambaya.

"Har hanjinta, Baba."

"Ikon Allah. Da can ke ce ba ki iya raba goma gida uku."

Na kunna logcat, wato rahoton da waya ke rubutawa layi layi game da duk abin da take yi, na sa ya riƙa zuba a wani fayil a kwamfutata. Na ce ya buɗe jerin. Layuka suka yi ta gudu, sannan manhajar ta faɗi, dalilin ya fito ɓaro ɓaro. Laifina ne. Na rubuta ta yadda duk lokacin da aka buɗe jerin sai ta ɗauko kowace murya gaba ɗaya don ta san tsawonta. Da suna hamsin ba komai, da suka kai ɗaruruwa sai wuri ya ƙare mata. Gyaran bai fi na awa ɗaya ba.

Baba ya ce Mama ta ba shi saƙo a Babbar Kasuwa, zai je ya dawo bayan la'asar. Ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayi wayar, kamar mai barin jariri a gidan maƙwabta, sannan ya sauka.

Abokin aikina ya juyo da kujerarsa.

"Ki kwashe mashi kayanshi tukuna hwa, kahin ki taɓa komi."

Gaskiya ya faɗa, kuma abu ne mai sauƙi. Manhajar irin ta gwaji ce, don haka adb yana iya shiga ma'ajiyarta ya kwafo komai. Sai dai ta Wi-Fi ɗinmu mai rarrafe zai ɗauki minti ashirin ko fiye, ni kuma hannuna yana ƙaiƙayi in yi gyaran. Ban da haka, ba na son a gaya mini abin da na riga na sani.

"Malam, ni na rubuta abin nan," na ce. "Ba wayarsa zan taɓa ba. A wayar gwaji zan yi komai, in na gama in kwashe nasa, sannan in zuba masa. Ko kana so ka zo ka zauna a kujerar?"

Ya ɗaga hannu biyu ya juya ga aikinsa.

Wayar gwajinmu wata tsohuwa ce mai fasasshen gilashi, kebul ɗinta kuma an naɗe wuyansa da salatif, in tebur ya girgiza sai ya saki. Mun sha cewa za mu sayi sabo. Na jona ta, na zuba mata manhajar yadda take da ciwonta, na cika ta da muryoyin ƙarya, ni ce nake ta cewa "gwaji, gwaji", har ita ma ta faɗi kamar ta Baba. Yanzu waya biyu ke haɗe da kwamfutata, ɗaya ta kebul, ɗaya ta iska. In haka ta faru, adb ba ya yarda ya yi komai sai an faɗa masa wacce ake nufi. In ka manta, sai ya tsaya ya ce maka akwai fiye da ɗaya. Don haka duk umarnin da na rubuta da safen nan ina ƙara masa alamar da ke cewa ta kebul nake nufi. Na yi gyaran, aka kira azahar, na tashi.

Da na dawo na ja kwamfutar gabana, na ture kwanon abincin da aka kawo mana gefe. Ina jin a nan ne kebul ɗin ya saki, ban sani ba. Na rubuta adb install, na manta alamar. Bai yi gardama ba. Da na tsaya na yi tunani na daƙiƙa ɗaya, wannan shirun kaɗai ya isa ya tsayar da ni, domin ma'anarsa waya ɗaya ce ta rage.

Sai amsa ta fito cewa an ƙi. Hatimin sabuwar manhajar bai dace da na wadda ke cikin wayar ba.

Kowace manhaja tana da hatimin wanda ya gina ta, kuma waya ba ta yarda a ɗora sabuwa a kan tsohuwa sai hatimin ya zama ɗaya. Irin na gwaji, kowace kwamfuta da nata. Wata guda kafin nan na canza kwamfuta, don haka duk watan ina ganin wannan ƙin a wayoyin gwaji, har ya zama mini kamar kukan fankar nan, ba na ma jinsa. Maganinsa a wayar gwaji ɗaya ne, ka cire tsohuwar ka zuba sabuwa. Amma wayar gwajin da ke gabana da wannan sabuwar kwamfutar na zuba mata manhajar, awa biyu da suka wuce. Ba yadda za a yi ta ƙi. Waya ɗaya ce a ɗakin mai ɗauke da tsohon hatimi, kuma tana bakin taga tana ƙoƙarin kare kayan mai ita.

Duk wannan daga baya na tsara shi a kaina. A lokacin tsaki kawai na yi. Hannuna ya riga kaina, na rubuta adb uninstall da sunan manhajar. Kalma ɗaya ta fito, Success, wato an cire. Na sake turawa, ta shiga lafiya lau. Har na ɗebi shinkafa cokali ɗaya.

Na ɗauki wayar gwaji na buɗe manhajar in ga gyarana. Ta tsaya cak, ta rufe kanta. Na sake buɗewa, kafin ta faɗi na hango jerin muryoyin ƙaryata, gwaji, gwaji, suna nan reras. In da ita na goge, bai kamata ko ɗaya ya rage ba.

Na rubuta adb devices. Layi ɗaya ne ya fito, kuma ba lambar wayar gwaji ba ce.

Ban san na yi wani sauti ba sai da na ga abokin aikina tsaye a kaina. Ya karanta allon daga sama zuwa ƙasa, ya ce innalillahi a hankali. Na je bakin taga. Manhajar tana nan a wayar Baba, sabuwa fil, ta buɗe da sauri ba ko tangarɗa. Jerin fari tas, sai rubutun da ni na sa da hannuna shekara biyu baya: Danna nan ka ɗauki kalmarka ta farko.

Awa biyun da suka biyo baya mun yi duk abin da mutum ke yi alhali ya san ba amfani. Na shiga cikin wayar ta adb shell na leƙa ma'ajiyar, babu komai sai abin da sabuwar ta ƙirƙira. Na duba ko muryoyin sun taɓa sauka a wani wuri na waje, na san ba su sauka ba, ni na hana su. Abokin aikina ya kira wani da ya sani mai ceto bayanai daga waya. Mutumin ya tambayi irin wayar, ya ce waɗannan a kulle suke rubuta komai, in an cire manhaja ba ya iya dawo da abin da ke cikinta, kada mu ɓata lokacinmu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsohuwar kwamfutata tana gida a ƙarƙashin gado, da tsohon hatimin a cikinta. Fayil ɗaya ne ƙarami. Da na ɗauko shi, da gyaran ya hau kan tsohuwar manhajar ba tare da an taɓa ko murya ɗaya ba.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin ƙarya. Waya ce mai ciwo, ramin cajinta ya lalace, manhajar tana mutuwa tun kafin ya kawo ta. In na ce ita ta goge kanta, Baba zai yarda, ba shi da hanyar sanin akasin haka. Na kalli abokin aikina, ya kawar da kai, na gane ba zai tona ni ba kuma ba zai taya ni ba. Ina cikin wannan muka ji takun Baba a matattakala.

Ya shigo da leda biyu, ya ajiye mana ƙullin dabino a tebur. Muka gaisa, ya kasuwa, ya rana, ya jama'a. Bakina yana amsawa, ban san me yake cewa ba.

"To, likita, ya mai jiki?"

"Baba, zauna."

Na faɗa masa. Ban ce ta goge ba, na ce na goge. Na ce an gargaɗe ni in kwashe kayan tukuna na ƙi ji. Ya saurara yana kallon bakina kamar yadda yake yi in ɗalibi yana karanta amsa. Ya karɓi wayar ya buɗe, ya ja yatsa a kan farin allon sama da ƙasa.

"Amma kin ce daga can kina ganin cikinta."

"Ina gani, Baba. Babu komai."

"Har da na Gwaggo?"

"Har da nata."

Na so ya yi faɗa. Na san faɗansa, na tashi da shi, da ya ɗaga murya da harshen gida ya leƙo da na sami abin riƙewa. Bai yi ba. Ya zare cajarsa daga soket, ya naɗe ta a hankali yadda ya saba, ya sa a aljihu. Ya ce Mama tana jiran kayan miya. A bakin ƙofa ya ce, "Ku ci dabinon, mai kyau ne," ya sauka.

Kwana huɗu ina zagayawa ta bayan layi don kada in wuce ƙofarsu. Ni da ake cewa ba na tsoron kowa. Mahaifiyata ta lura, ta tambaya, na faɗa mata, ta dube ni ta ce, "Kuma shi ne kike ɓuya? Ke aka yi wa hasara?" A rana ta biyar ina share tarkacen kwamfuta na ci karo da fayil ɗin rahoton nan da na ajiye. Na buɗe shi ba don komai ba. Ashe tun lokacin da nake gina manhajar na sa ta riƙa rubuta layi ɗaya duk sanda ta ɗauko murya, da ma'anar da aka rubuta da wanda ya faɗa, kuma saboda sakaci ban taɓa cire wannan ba. Ga su nan a jere, ɗaruruwa, tun daga ta farko har inda manhajar ta faɗi. Abin da ke bayan wurin bai samu shiga ba.

Na tace su, na buga a takarda, shafi goma sha wani abu, na tafi gidan da yamma. Mama ce ta buɗe. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ba ta ce in shigo ba, ba ta kuma tare hanya ba. Baba yana tsakar gida a kujerar roba. Na durƙusa na miƙa masa.

Ya sa tabarau ya fara karantawa a fili. Abin tankaɗen acca. Kukan da zuma ke yi kafin ta tashi. Matar da ta haifi tagwaye sau biyu. Duk ma'anoni ne da Hausa, a gaban kowace akwai fili inda murya take a da. Ya aika aka kawo masa biro. A gaban wasu ya rubuta kalmar da haruffan bokon nan da ya ce ba sa kama sauti. A gaban na maƙerin da na mai zuma ya yi 'yar alama, ya ce waɗannan suna da rai, in Allah ya kai mu Kirsimeti zai koma. Na ji wani ɗan sauƙi ya fara shigata, har na gyara zama.

Sai ya iso shafukan gwaggonsa, biron ya rage gudu. Ya cike ɗaya, ya tsallake uku. Ya cike ɗaya, ya tsallake biyar. Ya kira Mama ya tambaye ta, ta ce ita garinsu daban, ba haka suke cewa ba. Hasken ya fara raguwa, ya miƙo mini takardar.

"Idona ya gaji. Karanta mani wanga."

Na karanta. "Iskar da ke zuwa kafin ruwan farko, mai ƙanshin ƙasa."

Ya rufe ido. Leɓɓansa suka motsa, ya fitar da gaɓa ɗaya ya tsaya. Ya sake gwadawa da wata, ya girgiza kai.

"Ranar da ta faɗa mani shi, sai da ta sa na maimaita sau uku," ya ce. "Na ce mata ba sai na riƙe ba, Gwaggo, waya ta riƙe. Ta yi ta dariya."

Na ce, "Baba, ka yafe mini," ya ce ya yafe tun ranar, kuma na yarda da gaske yake. Yafiyar ba ta sa na ji daɗi ba ko kaɗan.

Kafin Kirsimeti ya sake hawo matattakalar. A lokacin na riga na gama maɓallin da na yi shekara biyu ina cewa mako mai zuwa, yini ɗaya ya ɗauke ni. Na zare kowace waya da ke ofis, na rubuta adb devices, na juya masa allon ya ga layi ɗaya ne kuma tasa ce, sannan na tura. Ya tafi gida ya dawo da muryar maƙerin da ta mai zuma, yanzu suna ajiye a wuri uku daban daban. Kwanon shinkafar Mama ya zo a ranarsa kamar kullum.

Takardun nan suna cikin Littafi Mai Tsarkinsa, a ninke. Wani lokaci in wata kalma ta faɗo masa yana aski ko yana cikin napep, sai ya kira ni ya faɗa mini da murna, ni da ba na jin yaren, in ce masa madalla. Shafukan gwaggo har yanzu fili ya fi rubutu yawa.

Bana da ruwan farko ya kusa, ina dawowa daga aiki iskar nan ta taso, mai ƙanshin ƙasa. Na same shi tsaye a ƙofar gidansa ba hula, ya ɗaga fuska, bakinsa yana motsi. Na rage tafiya ko zai kira ni. Ya gan ni, ya girgiza kai kaɗan, ya ce in gaida mutanen gida.